Jinkirin da ke kayar da mutum-mutumi

Kafin a ƙera mutum-mutumi, injiniyoyi kan gina kwatankwacinsa a cikin manhaja, inda zai faɗi sau dubu ba a yi asarar ko sisi ba. Sai dai injin gaɓa na cikin manhaja yana bin umarni nan take, na zahiri kuwa yakan ɗan jinkirta. Alamar wannan giɓi ita ce karkarwar ƙafafu, wani lokaci har na'urar ta kife.

A 2019, masana a jami'ar ETH Zurich ta Suwizalan sun bayyana yadda suka magance matsalar a jikin ANYmal mai ƙafa huɗu. Sun auna yadda injinan gaɓoɓinsa ke amsa umarni, suka koya wa manhajar wannan jinkiri, sannan suka horar da shi a cikinta. Da aka sake shi a fili, ya yi gudun mita 1.5 a daƙiƙa.