Murhu Mai Duwatsu Uku: Yadda Ake Taƙaita Rahoton Muhalli Don Jami'in Hulɗa da Jama'a

Kafin a haƙa babban titi, ko a shimfiɗa layin dogo irin na Kano zuwa Maraɗi, ko a binne bututun gas irin na Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, doka ta ce sai an fara rubuta rahoton da zai tantance abin da aikin zai yi wa ƙasa da ruwa da iska da mutanen wurin. A Nijeriya, dokar soja mai lamba 86 ta shekarar 1992 ce ta wajabta haka, kuma Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ce ke duba rahoton. Akan ajiye shi a fili na kwana 21 na aiki, galibi a sakatariyar ƙaramar hukuma da ma'aikatar muhalli ta jiha, don kowa ya karanta ya faɗi ra'ayinsa.

Sai dai rahoton yakan kai ɗaruruwan shafuka, cikin Turancin masana, cike da jadawali. Manomin da titin zai raba gonarsa biyu ba zai karanta shi ba. Wanda zai tsaya a ƙofar gidan dagaci ya amsa tambayoyi shi ne jami'in hulɗa da jama'a, wanda sau da yawa bai karanci ilimin muhalli ba. Abin da yake buƙata shi ne shafi biyu ko uku da zai iya riƙewa a ka. Tarihin yankinmu ya nuna tsadar barin mutane cikin duhu: a 1980, rikicin diyyar gonaki a madatsar ruwan Bakolori, kusa da Talata Mafara, ya ƙare da asarar rayuka.

Taƙaitawa mai amfani kamar murhu take, duwatsu uku ke riƙe da ita. Na farko abin da aka gano zai faru. Na biyu maganin da aka ce za a yi. Na uku wanda zai duba ko an yi, da yaushe. Duk matsalar da aka rubuta ba tare da duwatsun nan uku ba, tukunyar za ta kife a hannun jami'in.

Inda za a fara karatu

Kuskuren da aka fi yi shi ne a kwafi taƙaitawar da ke farkon rahoton a fassara ta. An rubuta wannan ne don masu ba da izini, kuma takan sassauta harshe. Naman yana can ciki. Rahotannin Nijeriya sukan bi tsari ɗaya: bayanin aikin, sai bayanin yadda wurin yake kafin a taɓa shi, sai babin illoli, sai na matakan rage su, sai tsarin kula da muhalli, wanda yawanci dogon jadawali ne mai nuna illa da magani da mai alhaki da lokaci da kuɗi. Daga wannan jadawalin ya kamata mai taƙaitawa ya fara, sannan ya koma baya yana neman hujjar kowane layi.

Zai tarar da illoli da yawa, an jera su daga ƙanana zuwa manya. Ba duka ne za su shiga ba. Ma'aunin zaɓe shi ne: me mutumin gari zai gani, ko ya shaƙa, ko ya ji, ko ya rasa? Ƙura, ƙara, gona, rijiya, burtali, maƙabarta, hanyar makaranta. Guda shida zuwa takwas sun isa.

Dutse na farko: abin da aka gano

Mu ɗauki misali na ƙirƙira. Za a yi titi ya ratsa gefen wani ƙauye, kuma za a ɗebi jar ƙasa a wani rami a bayan gari. Rahoton ya ce tifa 80 za su riƙa ɗauko ƙasa kullum cikin awa 10 na aiki, ramin kuma zai ci hekta 2, zurfinsa mita 3.

Idan jami'in ya karanta wa mutane wannan yadda yake, ba wanda zai ga komai a zuciyarsa. Aikin mai taƙaitawa ne ya yi lissafin. Tifa 80 a awa 10 na nufin 8 a kowace awa. Amma kowace tifa tana zuwa tana komawa, don haka sau 16 mota za ta gifta a awa, wato kusan kowane minti huɗu. Hekta 2 ta kusa filin ƙwallo uku. Mita 3 kuwa ta shanye dogon mutum ko da ya ɗaga hannu sama. Yanzu uwar da 'ya'yanta ke tsallaka hanyar zuwa makarantar allo ta fahimci abin da ke tafe, kuma kowa ya san me ramin zai zama idan damina ta cika shi: kududdufi mai sauro, wanda yara za su je wanka.

Abu biyu ake kiyayewa a nan. Na ɗaya, lokacin da aka yi awo. Manyan ayyuka akan auna wurinsu a damina da rani, domin ƙurar watan Agusta ba ita ce ta lokacin hunturu ba, haka ma ruwan rijiya. Idan awon kaka ɗaya aka yi, a rubuta haka ƙarara. Na biyu, rahoto yakan ba kowace illa maki sau biyu, kafin magani da bayan magani. Illar da ta sauko daga babba zuwa matsakaiciya ba ta ɓace ba. Jami'in da ya ce wa mutane "ba za a yi ƙura ba" ya ƙulla wa kansa igiya. Abin da zai ce shi ne: "Ranka ya daɗe, za a yi ƙura, ga kuma abin da aka ɗauki alkawarin yi don ta ragu."

Dutse na biyu: maganin

Masana suna da jerin matakai da suke bi daki-daki. A fara da kauce wa illar gaba ɗaya, kamar karkatar da titi don kada ya taɓa maƙabarta. Idan ba ta kautuwa, a rage ta. Idan an yi ɓarna, a gyara wurin. Abin da ya gagari gyara, a biya diyya ko a maye gurbinsa. Yana da kyau jami'in ya san matakin da kowane magani yake, domin idan rahoton ya tsallake kai tsaye zuwa diyya, dattawan gari za su tambayi dalili, kuma tambayar tana kan hanya.

Wurin da taƙaitawa ta fi lalacewa shi ne ƙarfin kalma. A cikin rahoto akwai abin da aka ce wajibi ne ɗan kwangila ya yi, akwai wanda aka ce zai iya yi, akwai kuma wanda aka ce za a yi "inda ya yiwu". Mai fassara cikin gaggawa yakan mayar da su duka "za a yi". A misalinmu, a ce rahoton ya wajabta yayyafa ruwa a hanyar tifa sau biyu a rana lokacin rani, da rufe lodi da tamfol, da taƙaita gudu zuwa kilomita 30 a awa a cikin gari. Waɗannan alkawura ne, ana iya ƙirga su. Amma a ce game da ramin cewa ya yi za a cike shi a shuka itatuwa inda ya yiwu. Wannan buri ne. Dole a raba su gida biyu a takardar, kuma a gaya wa jami'in kada ya rantse a kan na biyun. Haka ma maganar ɗaukar 'yan gari aiki: idan ba a faɗi adadi ba, kada taƙaitawa ta ƙirƙiro shi.

Gwajin mai sauƙi ne. Maganin da yaro mai kiwo zai iya tsayawa a bakin hanya ya ce an yi ko ba a yi ba, shi ne magani. Jimla irin "za a kula da ƙura yadda ya dace" ba ta ɗaure kowa ba.

Dutse na uku: wa zai duba

Alkawarin sa ido yana amsa tambayoyi biyar: me za a auna, a ina, sau nawa, wa zai auna, kuma wane adadi ne idan an wuce shi sai an ɗauki mataki? Ɗauki ƙara. Ma'aunin da rukunin Bankin Duniya ke amfani da shi a unguwannin zama shi ne desibel 55 da rana, 45 da dare. Lambar kaɗai ba ta ce wa kowa komai, sai an ƙara da cewa 55 ta kusa ƙarar hira ta yau da kullum, kuma ƙarin desibel 10 kunne yakan ji shi kamar an ninka ƙarar. Don haka 65 ba ɗan ƙari ba ne a kan 55.

Wurin awo ma abin lura ne. Na'urar da aka kafa a sansanin ma'aikata ba za ta faɗi abin da asibitin sha-ka-tafi na bakin hanya ke shaƙa ba. Sau nawa ma haka: awon ƙura sau ɗaya a wata uku zai iya faɗowa ranar da tifofi ba su fita ba. Sannan a bambance masu dubawa. Ɗan kwangila yana auna kansa, injiniyan mai aikin yana duba shi, Ma'aikatar Muhalli da hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007 don tilasta bin dokokin muhalli, suna daga waje. A rubuta kuma ko za a nuna wa jama'a sakamakon, da inda mai ƙorafi zai kai kukansa, da kwanakin da zai jira amsa.

Yadda layi ɗaya zai fito

Ga ƙurar misalinmu a kan duwatsunta: "Tifa za ta riƙa wucewa ta gaban makaranta kusan kowane minti huɗu, daga safe zuwa yamma, ƙura za ta fi yawa da rani. Wajibi ne ɗan kwangila ya yayyafa ruwa sau biyu a rana, ya rufe lodi, kada gudu ya wuce kilomita 30. Jami'in muhalli na aikin zai auna ƙura a ƙofar makarantar kowane wata. Ko da an yi duka, ƙura za ta ragu ne, ba za ta ƙare ba." A gefen kowane layi a sa lambar shafin da aka ciro shi, don in gardama ta tashi a buɗe asali.

Idan aka zo ramin kuma aka tarar ba a ambaci mai duba cike shi ba, ko ranar da za a cike, kada mai taƙaitawa ya toshe giɓin da nasa zato. Ya rubuta cewa rahoton bai faɗa ba. Wannan layin ya fi sauran daraja, musamman idan an gano shi cikin kwana 21 ɗin nan da ƙofar gyara take buɗe. Bayan an ba da izini, tifofi sun gama sun tafi, ramin da ba a rubuta sunan mai cike shi ba na mutanen gari ne, su da 'ya'yansu.