Shin Ko Kun San? Waya Biyu, Na'urori Da Yawa: Yadda I²C Ke Aiki

Shin ko kun san cewa ƙaramin allon rubutu, da agogon lantarki, da na'urar auna motsi duk za su iya magana da ƙwaƙwalwar na'ura ɗaya ta kan waya biyu kacal? Wannan tsari shi ne I²C, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a shekarar 1982 domin rage yawan wayoyi a cikin kayan lantarki irin su talabijin. Waya ta farko, SDA, ita ke ɗaukar saƙo. Ta biyu, SCL, ita ke buga lokaci. Na'ura ɗaya ce ke jagorantar zance, sauran kuma ba sa cewa uffan sai an kira su.

Shin ko kun san cewa a kan waɗannan wayoyi babu na'urar da ke da ikon tura wuta sama? Abu biyu kawai kowace za ta iya yi: ta ja wayar zuwa ƙasa, wato 0, ko ta sake ta. Idan kowa ya saki, resista da ke haɗa wayar da layin wuta ita ce ke mayar da ita sama, wato 1. An yi haka ne don kada wata na'ura ta tura sama yayin da wata ke ja ƙasa su ƙona juna. Duk abin da zai biyo baya daga wannan doka ya samo asali.

Shin ko kun san cewa kowace na'ura tana da adireshi mai bit 7? A lissafi adireshi 128 ke nan, amma an keɓe 16 don ayyuka na musamman, saura 112. Jagora yana buɗe zance ta hanyar jan SDA ƙasa alhali SCL na sama. Daga nan sai ya aika adireshin, ya bi shi da bit na takwas: 0 idan rubutu zai yi, 1 idan karatu zai yi. Wannan bit ɗin yakan rikita masu koyo. Allon SSD1306 galibi adireshinsa `0x3C` ne, amma a bayan wasu alluna za ku ga an buga `0x78`. Ba saɓani ba ne. An gusa `0x3C` gurbi ɗaya zuwa hagu ne aka liƙa masa 0 na rubutu. Wanda ya sa `0x78` a manhajar da ke neman adireshi mai bit 7, allonsa ba zai taɓa amsawa ba.

Shin ko kun san cewa na'urori biyu na iya zuwa da adireshi iri ɗaya daga masana'anta? Agogon DS3231 yana kan `0x68`, haka ma na'urar auna motsi MPU-6050. Idan aka haɗa su, duk biyun za su amsa kira, kuma a wajen karatu duk inda ɗaya ta ce 0 ɗaya ta ce 1, to 0 ne ke rinjaye, sai lambobi su fito a hargitse. Maganin yana da sauƙi: a haɗa ƙafar AD0 ta MPU-6050 da layin wuta, sai adireshinta ya koma `0x69`.

Shin ko kun san cewa bayan kowane bit 8 akwai bugu na tara na amsawa? A wannan bugun mai aikawa yana sakin SDA. Idan mai karɓa ya ji, sai ya ja wayar ƙasa: wannan shi ne ACK. Idan babu wanda ya ja, resista za ta bar wayar a sama, wato NACK. Kamar kiran suna ne a aji: wanda yake nan zai ce "na'am", wanda ba ya nan kuwa shiru ne ke bayyana shi. Da wannan dabara ake gano abin da ke maƙale a kan wayoyin. A kwamfutar Raspberry Pi ana buga:

```
i2cdetect -y 1
```

Sai ta kira adireshi ɗaya bayan ɗaya, ta nuna waɗanda suka amsa. Idan ba ko ɗaya, a duba ko an juya SDA da SCL, ko na'urar ba ta samun wuta. Idan kuwa kusan kowane adireshi ya amsa, to galibi SDA ce ta maƙale a ƙasa, ana ɗaukar hakan a matsayin ACK. Sannan ba kowane NACK ne matsala ba: da shi jagora ke sanar da cewa ya gama karatu.

Shin ko kun san cewa resista mai girma da yawa tana sa wayar ta makara wajen tashi? Wayoyi da ƙafafun na'urori suna riƙe ɗan caji, kuma sai resista ta cika shi kafin wayar ta kai 1. Ƙa'idar I²C ta iyakance wannan riƙon ga fikofarad 400 a gudun da aka saba. Ta kuma ce tashin waya kada ya wuce nanosakan 1000 a gudun bit 100,000 cikin sakan, ko nanosakan 300 a gudun bit 400,000. Ga lissafin, inda tr shi ne lokacin tashi, R resista, C kuma riƙon caji:

```
tr = 0.8473 × R × C
```

Mu ɗauki waya mai riƙon fikofarad 200, a kan wutar bolt 3.3. Da resista mai om 4,700, wadda aka fi sakawa, tashin zai ci kusan nanosakan 800. Wannan ya isa a ƙaramin gudu, amma ya zarce iyaka nesa ba kusa ba a babban gudu. Don a tsaya cikin nanosakan 300, resistar ba za ta wuce om 1,770 ba. Shi ya sa kayan da ke aiki lafiya a kan gajeriyar waya sukan fara tsallen lambobi da zarar an ƙara tsawon wayar ko an ƙara gudu. A allon osiloskof za a ga siginar ta daina tashi a miƙe, tana hawa a lanƙwashe.

Shin ko kun san cewa resista ƙarama da yawa ita ma illa ce? Na'urar da ke jan waya ƙasa dole ta shanye duk wutar da ke kwararowa ta resistar, kuma ƙa'ida ta ɗora mata miliamfiya 3 ne kawai, tare da sharaɗin wayar ta sauka zuwa bolt 0.4 ko ƙasa da haka. A bolt 3.3, idan aka cire 0.4 aka raba da 0.003, za a sami om 967. Ƙasa da wannan, na'ura mai rauni ba lallai ta iya saukar da wayar sosai ba, sai ACK ɗinta ya ɓace. Ke nan a misalinmu zaɓi yana tsakanin 967 da 1,770. Resista mai om 1,500 ta dace: tashi cikin nanosakan 254, wuta kuma kimanin miliamfiya 2.

Shin ko kun san cewa za ku iya faɗawa ƙasa da iyakar ba tare da kun sayi resista ko ɗaya ba? Yawancin ƙananan allunan da ake sayarwa suna zuwa da resistocinsu a jiki, kuma idan aka jera su a kan waya ɗaya jimillar raguwa take yi. Alluna huɗu masu om 4,700 kowanne suna ba da om 1,175. A wutar bolt 5 kuwa mafi ƙanƙantar da aka yarda da ita om 1,533 ce. Ita ma Raspberry Pi tana da nata masu om 1,800 a kan ƙafafun SDA da SCL. Don haka kafin a zargi manhaja, a kashe wuta, a ɗora mita tsakanin SDA da layin wuta, a karanta jimillar. Idan ta yi ƙasa, a cire resistocin wasu allunan a bar biyu tak, ɗaya ga SDA ɗaya ga SCL.