Lissafin Ruwa Mai Malala Kafin Haƙa Tafki

Gabatarwa

Mai niyyar haƙa tafki a gindin gangare yana fuskantar tambaya guda tun kafin ya kama shebur: ruwa nawa ne zai gangaro masa? Idan ya yi tafkin ƙarami, ruwa zai tumbatsa ya ci gaɓa. Idan kuwa ya zarce ƙima, ya zuba kuɗi a ramin da ba zai taɓa cika ba. Wannan maƙala za ta yi bayanin wata hanyar kintata amsar, wadda ake kira hanyar lambar lanƙwasa. Hukumar Kiyaye Ƙasar Noma ta Amirka ce ta fito da ita a 1954, bayan ta auna ruwan sama da abin da ya malala daga ƙananan filaye masu yawa na ƙasar. Sunan ya samo asali ne daga lanƙwasassun layukan da aka zana a takarda, kowane layi da lambarsa.

Ma'anar Lambar

Ba duk ruwan da ya sauka ne ke malala ba. Da fari ganye da ramuka da busasshiyar ƙasa sukan riƙe nasu rabon, daga nan ƙasa ta ci gaba da sha, abin da ya saura shi ne ke gangarawa. Lambar lanƙwasa, wadda ake rubutawa CN, ita ce ma'aunin wannan hali na fili, kuma ba ta wuce 100. Fili mai lamba 100 ba ya shan ko ɗigo, kamar rufin kwano. Gwargwadon ƙanƙantar lamba, gwargwadon yawan shan ƙasa.

Ana samun lambar a jadawalin da hukumar ta tsara, bisa abu biyu: irin ƙasa da abin da ke kanta. An kasa ƙasa gida huɗu, daga A, watau rairayi mai zurfi irin na jigawa, zuwa D, watau laka mai riƙe ruwa. Ga ƙa'idojin lissafin, dukkansu da milimita:

S = (25400 / CN) − 254

Q = (P − 0.2S)² / (P + 0.8S)

P shi ne ruwan da ya sauka, S iyakar abin da ƙasa za ta iya riƙewa, Q kuma abin da ya malala. Muddin P bai zarce 0.2S ba, to, babu abin da zai malala.

Misali

Mu ƙaddara wani fili mai hekta 20, wanda duk ruwansa ke gangarowa wuri ɗaya. Hekta 15 gonar dawa ce a kan ƙasa ajin B, kunyoyinta miƙaƙƙu, shukarta da kyau. Jadawali ya ba ta 78. Sauran hekta 5 makiyaya ce a kan ƙasa ajin C, wadda dabbobi suka cinye har ta kusa zama fako; lambarta 86. Sai a ninka kowace lamba da faɗin filinta: 1,170 da 430, jimla 1,600. In aka raba da 20, lambar filin duka ta zama 80.

Da wannan lamba S zai kama milimita 63.5, kashi ɗaya cikin biyar nasa kuwa 12.7. Yanzu mu ce babban ruwan da ake son tafkin ya ɗauke milimita 80 ne a yini ɗaya. A aikin gaske, daga bayanan tashar auna ruwa mafi kusa ake zaɓo wannan adadi, alal misali ruwan da ake tsammanin irinsa sau ɗaya cikin shekara goma. A ɗebe 12.7 daga 80, saura 67.3, a ninka shi da kansa, a sami wajen 4,529, a raba da 130.8. Amsa ita ce milimita 34.6, ƙasa da rabin abin da ya sauka.

Milimita ɗaya a kan hekta ɗaya daidai yake da kubik mita 10, kowane kubik mita kuma lita 1,000 ne. Saboda haka abin da zai iso tafki wajen kubik mita 6,900 ne. Tafki mai bakin mita 60 kowane ɓangare, da zurfin mita 3, da gindin mita 42 kowane ɓangare, zai ci kimanin 7,900. Rarar 1,000 ɗin nan ba asara ba ce, domin laka da yashi za su riƙa cike gindin shekara bayan shekara. Zurfi kuma ya fi faɗi amfani, domin rana da iskar hunturu daga saman ruwa suke sha. In suna ɗauke milimita 7 a kullum, cikin wata bakwai na rani sun tafi da kusan mita ɗaya da rabi.

Inda Ake Tuntuɓe

Babban kuskure shi ne a zuba ruwan damina duka cikin ƙa'idar a lokaci guda, alhali don ruwa ɗaya aka gina ta. Idan aka sa milimita 800 a matsayin P, za a sami wajen 729, watau fiye da kubik mita 145,000. Amma da a ce wannan 800 ɗin ta sauka sau arba'in ne, milimita 20 kowane zuwa, kowannensu bai malalar da abin da ya kai milimita ɗaya ba, jimlarsu duka wajen 30. Dalili shi ne, kowane ruwa sai ya fara biyan ƙasa rabonta. Wanda ke son sanin abin da damina za ta tara, dole ya bi ruwan kowace rana daban, sa'an nan ya haɗa.

Abu na biyu shi ne danshin ƙasa. Lambobin jadawali na matsakaicin hali ne. In ƙasa ta riga ta ƙoshi, kamar yadda takan yi a watan Agusta, 80 ɗin nan takan hau zuwa 91, ruwan ya kai wajen kubik mita 11,200. In ta bushe ƙwarai, sai ta sauka zuwa 63, ruwan ya tsaya wajen 2,500. Fili ɗaya, ruwa ɗaya, amma amsa ta ninka fiye da sau huɗu. Don haka lalle a yi wa tafki mafitar rarar ruwa, sai dai faɗinta na bukatar wani lissafi dabam, domin wannan hanya yawan ruwa kaɗai take faɗa, ba saurin zuwansa ba.

Na uku, jadawalin daga gonakin Amirka aka tsamo shi. A ƙasashenmu na Sahel, rairayin da ido zai sa a ajin A yakan yi ɓawo a sama in ruwa ya daddake shi, har ya riƙa malalar da ruwa fiye da yadda jadawali ya nuna.

Kammalawa

Maganin wannan duka shi ne awo. A kafa ma'aunin ruwan sama a filin, a kuma kafa sanda mai zane cikin tafkin, a riƙa rubuta yadda ruwa ya hau bayan kowane zuwa. In ruwan milimita 50 ya cika tafkin misalinmu har ya tumbatsa, alhali lissafi ya ce wajen kubik mita 2,800 kawai zai kawo, to, ko dai lambar ta yi ƙasa, ko kuwa filin da ke zubo ruwa ya fi hekta 20. Bayan damina biyu ko uku, mai tafki zai iya juya ƙa'idar ya fitar da lambar filinsa ta haƙiƙa, wadda ta fi ta kowane jadawali.