Robar iyafis: girman da ke riƙe kunne shi ne ke fito da bes

Yawancin masu sayen iyafis suna buɗe kwali su sa a kunne, ƙananan robobin da ke cikin 'yar leda kuma su tafi kwandon shara. Alhali waɗannan robobin su ne maganin ƙorafi biyu da masu gudun motsa jiki suka fi yi: iyafis na zamewa, sauti kuma ya fito siriri ba nauyi. Tushen matsalar ɗaya ne, wato robar ba ta toshe ramin kunne ruf ba.

Lasifikar da ke cikin iyafis 'yar mitsitsiya ce, ba ta da ƙarfin girgiza iskar ɗaki. Aikinta matsa 'yar iskar da ke tsakaninta da dodon kunne. Sauti mai kauri, irin na ganga da bes, a hankali yake matsa iskar nan, don haka ko ƙanƙanuwar kafa ta ishe shi ya tsiyaye waje. Siririn sauti bai cika damuwa da kafar ba. Shi ya sa kake jin muryar mawaƙi rangaɗau amma kiɗan ba gindi, sai ka yi ta ƙure ƙara, kunne na shan wahala a banza.

Galibi girma uku ake sakowa, S da M da L, kuma M ce ke zuwa a maƙale. Ɗauki misalin mai gudu wanda na hagunsa ke sullubewa da zarar zufa ta karyo. Ya zauna tukuna, ya kunna waƙar da ya san gangarta sarai. Ya kai hannun dama ta bayan kai, ya ja saman kunnen hagu sama da baya kaɗan, domin ramin kunne a lanƙwashe yake, jan ne ke miƙar da shi. Sai ya tura iyafis, ya ɗan murɗa, ya saki. Daga nan ya danna da yatsa a hankali. In bes ya cika lokacin dannawa, ya gudu da an ɗaga yatsa, robar ta yi ƙarama, sai ya koma L a wannan kunnen kaɗai. Ba laifi ba ne dama ta sa M hagu ta sa L. Kunnuwan mutum ɗaya ma ba lallai su zo daidai ba.

Babba kuma ba ita ce mafita kullum ba. Robar da ta fi ƙarfin rami tattarewa take yi, iska ta bi ta tattarar, ko ta riƙa turo kanta waje sannu a hankali, kunne kuma ya fara zogi bayan 'yan mintuna. Wadda ta dace za ka ji hayaniyar waje ta lafa, muryarka ta yi kauri a cikin kai, ba tare da ciwo ba. Masu AirPods Pro suna da gwajin Ear Tip Fit Test a waya, amma shi ma a zaune ake yin sa.

Gwajin gaskiya sai da motsi. Bakin ramin kunne guringuntsi ne, yana sauya siffa idan muƙamuƙi ya motsa. Saboda haka ka yi hamma, ka yi kamar kana tauna, ka yi tsalle, ka girgiza kai. In bes ya tsaya daram, ka fita gudu. In roba ta ci wannan jarrabawa amma ta zame bayan an yi zufa, santsi ne matsalar, ba girma ba. Cire robar ka wanke ta da ruwan sabulu, ta bushe sarai, ka kuma goge bakin kunne kafin fita. In abin ya ƙi, nemi ta soso: ana murza ta ta kankance, a tura, a riƙe kamar daƙiƙa 20 ta kumbura ta cike ramin. Ta fi riƙo, sai dai tana shan zufa, kuma cikin 'yan watanni take lalacewa. Wasu iyafis ɗin suna da ɗan fiffike da ke tokare cikin kunne, shi ma girma-girma ne. Duk robar da za ka saya daban, tabbatar ta kama bakin iyafis ɗinka gam, don sako-sako tana iya zarewa ta maƙale a kunne.

Toshewa mai kyau tana zuwa da abu biyu. Za ka riƙa jin takunka dum-dum a cikin kai, wannan ba lalacewa ba ce. Na biyun ya fi damuna: hon ɗin babur da na adaidaita sahu ma dusashewa suke yi. A filin wasa ka toshe duka biyu, amma a gefen titi ka rage ƙara, ka kunna tsarin shigo da sautin waje in iyafis ɗinka na da shi, ko ka cire na ɓangaren da motoci ke wucewa.