Bayan Kare Kundi, Saura Gyara

A jami'o'inmu irin su Ahmadu Bello ta Zariya da Bayero ta Kano, kundin digiri na biyu ko na uku yana bin hannuwa da yawa kafin ranar kare shi. Malamin da ke duba aikin zai amince, sashe zai duba tsarin rubutu da manazarta, a saka kundin a manhaja irin Turnitin don gano satar fasaha, sannan a aika wa mai jarrabawa na waje, wanda malami ne daga wata jami'a. Ɗalibai kan tara dukan fargabarsu a kan ranar da za su zauna gabansa. A ganina an fi yin tuntuɓe a makonnin da ke biye.

Da wuya kwamiti ya ce an ci babu gyara. Hukuncin da aka fi ji shi ne an ci da ƙaramin gyara ko da babban gyara, kowanne da wa'adinsa, kuma wa'adin ya bambanta daga jami'a zuwa jami'a.

A ce ɗaliba ta yi bincike kan cinikin fata a Kano, ta jera manufofi 4 a babi na ɗaya. Mai jarrabawa ya lura cewa manufa ta 3, wadda ta shafi tasirin dillalai kan farashi, ba ta da amsa a babi na huɗu. A takardar hukunci wannan layi ɗaya ne, amma aikinsa da yawa. Dole ta koma ga bayanan da ta tattara ta fitar da sabon jadawali. Shigarsa za ta ture lambobin jadawalan da ke bayansa, ta canja lambobin shafuka a ƙumshiya, ta kuma tilasta a taɓa kammalawa da tsakure. Wanda ya gyara babi na huɗu kaɗai, tsakurensa ne zai tona masa asiri, domin sakamako uku zai ci gaba da ambata.

Saboda haka ake son ta yi takardar gyara mai gida uku: abin da aka ce, abin da ta yi, da shafin da yake a sabon kundi. Da wannan takarda mai jarrabawa na cikin gida, wanda galibi shi ake ɗora wa tantance gyaran, zai bi aikin ya sa hannu. Inda ba ta yarda da wata shawara ba, ta rubuta hujjarta a fili. Tsallakewa shiru ita ke sa a dawo mata da kundin.

Kada a kai kundi wurin masu ɗaurin bango mai kauri kafin wannan sa hannun, in ba haka ba a biya kuɗi sau biyu. A kuma gwada taken da ke bango da wanda jami'a ta amince da shi, kalma da kalma. Sai an cika shafin tabbatarwa da sa hannun malamai, an miƙa kwafin takarda da na kwamfuta ga makarantar karatun gaba da digirin farko da ɗakin karatu, sannan sakamakon ya wuce majalisar jami'a don amincewa.