Inda Maki Ke Zubewa Wajen Taƙaita Lamba

Ɗalibi ya bi hanya daidai, amma makin amsa ya kuɓuce masa. Sau da yawa gaggawar taƙaita lamba tun a tsakiyar lissafi ce ta jawo.

Ga bututu mai tsawon santimita 45, daga tsakiyar bakinsa zuwa gefe santimita 2.3. Ana son girman cikinsa da muhimman lambobi uku, wato 3 s.f., an kuma ba da π = 3.142. Faɗin bakin shi ne 3.142 × 2.3², wato 16.62118. Wanda ya riƙe wannan lamba yadda take ya ninka da 45 zai sami 747.95, ya rubuta 748 cm³. Wanda kuwa ya datse ta zuwa 16.6 zai ƙare da 747. Ɗan abin da ya yar an ninka shi sau 45.

A jarrabawar WAEC makin hanya daban, na amsa daban, don haka wanda ya datse lambar makin amsa ne zai rasa. Maganin shi ne a bar lambar cikin kalkuleta, sai a matakin ƙarshe a taƙaita.

Sifiri ma yana kayar da ɗalibai. Na farkon 0.04057 ba a ƙirga su, amsar 0.0406 ce. Amma 2.498 tana komawa 2.50, kuma wanda ya rubuta 2.5 lambobi biyu kawai ya bayar.