Farin zobe a kan tebur: yadda ake fitar da tabon ruwa da na zafi daga katako

Baƙi sun watse, an kwashe kwanuka, sai ga wani farin zobe a tsakiyar teburin falo, daidai inda aka ajiye gorar zoɓo mai sanyi. A gefe kuma akwai wani fari-fari kamar hazo, sawun tukunyar da aka dire da zafinta. Uwargida ta sa tsumma ta goge, ta ƙara da sabulu, tabon ko gezau. Dalili kuwa shi ne abin ba a saman teburin yake ba, yana cikin banish ɗin da kafinta ya shafa wa katakon.

Banish fata ce siririya mai sheƙi da ke rufe katako, kuma haske na ratsa ta har a ga launin itacen. Idan gumin kwalba ya daɗe a kanta, damshi yakan kutsa ciki ya bar ƙananan kofofi da ido ba ya gani. Kofofin nan su ke warwatsa haske, shi ya sa wurin ke yin fari. Tabon zafi ma damshi ne: zafin tukunya ko kofin shayi yana sassauta banish, tururin da ke ƙarƙashi ya shige, idan wurin ya huce sai ya maƙale.

Saboda haka abu na farko da gogaggen kafinta ke dubawa shi ne launi. Farin tabo yana nufin ruwan ya tsaya a cikin banish, kuma sau da yawa ana iya fitar da shi a gida. Baƙin tabo kuwa alama ce ta ruwa ya ratsa ya kai ga itace, kuma wannan aiki ne daban.

Ba kowane banish ke kamuwa da sauƙi ɗaya ba. Shelak, wanda ake samu daga ƙaron wani ƙwaro na Indiya da Tailan, yana saurin yin tabo, haka ma banish ɗin feshi da ake sirkawa da tina. Foliyuretan ya fi jure ruwa da zafi. Ana gane shelak ta hanyar ɗiga sifirit a wani lungu da ba a gani, kamar cikin ƙafar tebur. Idan wurin ya yi danƙo, shelak ne, kuma dole a bi shi a hankali.

A ɗauki misalin teburin madaci mai zoben zoɓo na daren jiya. Matakin farko haƙuri ne: a tsane wurin, a bar shi kwana 1 ko 2. Sabon tabo kan ɓace da kansa, musamman da hunturu, lokacin da iska ke bushe. Da damina kuwa yakan yi taurin kai.

Idan bai tafi ba, sai a kore damshin da ɗumi kaɗan. Mai na'urar busar da gashi zai kunna ta a mafi ƙarancin zafi, ya riƙe ta kamar taƙi ɗaya daga teburin, yana kai da komo ba tare da tsayawa wuri guda ba. Bayan ɗan lokaci farin zai fara dusashewa daga gefe. Wanda ba shi da ita zai iya amfani da dutsen guga na lantarki. A zubar da ruwan cikinsa, a kashe tururi, a sa shi a zafin da ya fi ƙasa. A shimfiɗa busasshen farin ƙyallen auduga mara zane, a ɗora dutsen ana motsa shi na daƙiƙa 5 zuwa 10, sannan a ɗaga a duba. A bari wurin ya huce kafin a maimaita. Hannu shi ne ma'auni: idan tafin hannu ba zai iya zama a wurin ba, zafin ya yi yawa.

Nan ne mutane ke yin ɓarna. Dutsen guga na gawayi ba shi da ma'aunin zafi, yana iya narkar da banish har saƙar ƙyallen ta fito a jikinsa. Idan aka ji ƙyallen na mannewa, ko wani wari ya tashi, ko ƙananan ƙuraje suka bayyana, a tsaya nan take. Akwai kuma teburan da ba katako zalla ba ne: falle ne na itace, wanda sau da yawa kaurinsa bai kai milimita 1 ba, aka manna a kan filawud ko allon garin katako. Zafi na sassauta gam ɗin, fallen ya kumbura. Duba gefen tebur ko ƙarƙashinsa yakan nuna ko falle ne.

Zoben da ya rage bayan ɗumi sai a bi shi da maiƙo. A shafa basilin da ɗan kauri, a bar shi ya kwana, da safe a goge da tsumma mai laushi. Man yana sulalewa cikin kofofin nan ya cike su, haske ya koma ratsawa kamar da. Mayonis ma yana yi, domin mafi yawansa mai ne. Sai dai kada a sa maiƙo a inda banish ya tsage, saboda zai shiga itacen ya bar duhun da ya fi tabon farko muni.

Tsohon tabo da ya ƙi waɗannan duka sai an kankare saman banish ɗin kaɗan. Farin man goge baki, ba mai kama da ruwan ƙaro ba, yana da gari mai laushi da ke wannan aiki. A lakato kamar ƙwayar wake a tsumma, a murza a hankali ana bin jijiyar katakon, a goge a duba bayan kowane minti. Kafintoci kan yi amfani da soson ƙarfe mafi laushi, mai lamba 0000, tare da ɗigon mai. Soson wanke tukwane bai dace ba ko kusa, zai kakkarce teburin. Wannan mataki yana rage sheƙi, don haka wurin kan fito dishi-dishi, sai an shafe saman teburin gaba ɗaya da man goge kayan katako kafin ya daidaita. Idan launin itacen ya fara fitowa a tsumma, an wuce gona da iri.

Baƙin zobe ba ya jin guga ko basilin. Itatuwa da dama suna ɗauke da sinadarin tanin, irin wanda majema ke samu daga bagaruwa. Idan ruwa mai ɗauke da ƙarfe, kamar na gindin gwangwani mai tsatsa, ya haɗu da tanin, sai wurin ya yi baƙi kamar tawada. Kafinta zai cire banish ɗin saman teburin, ya jiƙa garin asid ɗin okzalik da ruwan ɗumi ya shafe fuskar duka, ba zoben kaɗai ba, don kada launi ya bambanta. Asid ɗin guba ne, ana aikinsa da safar hannu da kariyar ido, nesa da yara. Bayan ya bushe sai a ɗauraye sosai, a bari katakon ya bushe sarai, a bi shi da samfefa mai laushi, sannan a shafa sabon banish.

Ƙonewa kuwa, irin ta garwashin turaren wuta ko gindin kasko, ta riga ta cinye itacen, sai kankara da sabon shafi. Teburin da aka sake wa banish yana bukatar makonni kafin ya gama ƙarfi ko da ya bushe a hannu, don haka a wannan tsakanin kofin shayi da gorar ruwan sanyi sai a kan faifai ko tire.